Silin Jifsam da Ya Yi Ciki a Wata Tara: Nazarin Wani Zauren Ofis

Yadda wurin yake

Zauren da ake magana a kai yana hawa na ƙasa a wani ginin ofis. Tsawonsa mita 9.6, faɗinsa mita 6, samansa kuma dekin kankare ne. An so a ɓoye wayoyin lantarki da bututun na'urar sanyaya ɗaki, sai aka yanke shawarar rataya silin a ƙarƙashin dekin, a bar sararin santimita 45 a tsakaninsu. Ga kuma wata siririyar baranda mai tsawon mita 6 da ke kaiwa banɗaki, ita aka ce a yi mata silin roba saboda danshi.

Silin mai rataye hawa huɗu ne, kowanne yana ɗauke da na ƙasa da shi. Can sama akwai hanga, wato siririn ƙarfen da ake kafewa a dekin ya sauko. Hanga tana riƙe da manyan ƙarafa. A ƙarƙashin manyan ƙarafa ake gitta ƙananan ƙarafa, a jikinsu kuma ake ɗaure allon jifsam da sukuru. Akwai ƙarfen gefe da ake bi da shi jikin bango don ya tsaida layin silin. Tazara uku ce ke yanke hukuncin ko silin zai zauna a miƙe: tsakanin hanga da hanga, tsakanin manyan ƙarafa, da tsakanin ƙanana.

Makonni ukun farko: ɗaurin silin

Mai silin ya shimfiɗa manyan ƙarafa biyar a tsawon zauren, kowanne da tazarar mita 1.2 daga ɗan'uwansa. A kan kowane ƙarfe ya sa hanga shida, mita 1.8 tsakaninsu, ke nan hanga talatin a zauren gaba ɗaya. Ya huda dekin, ya cusa fishar roba irin wadda ake rataya kanta da ita a bango, ya ɗaure kowace hanga da sukuru ɗaya. Ƙananan ƙarafa ya jera su a tazarar santimita 60.

Firam ɗin ya kwana huɗu a buɗe. A cikin kwanakin nan mai wayarin ya ja wayoyin fitilu goma sha biyu, masu aikin na'urar sanyi su ma suka ratsa da bututun tagulla daga bango ɗaya zuwa ɗayan. Ba wanda ya hau ya sake duba firam ɗin bayan sun sauka. A rana ta biyar aka soma rufewa da allo mai kaurin milimita 9.5, faɗinsa mita 1.2, tsawonsa mita 2.4. Allo ashirin ne cif suka rufe zauren, huɗu a tsawo, biyar a faɗi, kuma aka jera su kai da kai, bakin wannan daidai da bakin wancan, har mahaɗarsu ta zama miƙaƙƙen layi guda daga bango zuwa bango. Aka liƙa tef ɗin raga a mahaɗa, aka shafa fila, aka yi fenti. Ba a bar ƙofar leƙawa ko ɗaya ba, domin mai ofis ya ce yana son silin sumul, ba ya son ganin murfi a sama.

Wata na huɗu zuwa na shida: tsaga da ciko

A wata na huɗu wata siririyar tsaga ta bayyana a mahaɗar da ke tsakiyar zauren, mita 4.8 daga kowane ƙarshe. Tsawonta bai wuce mita ɗaya da rabi ba. Mai silin ya zo ya duba daga ƙasa, ya ce fila ce ta bushe da sauri. Ya kankare bakin tsagar, ya sake cikewa, ya taɓa fenti. Ba a ɗora ma'auni a jikin silin ba a ranar.

Bayan mako shida tsagar ta dawo a wurinta, ta ƙara tsawo, kuma kawunan sukuru suka fara bayyana kamar ƙananan ƙuraje a gefenta. Wanda ya tsaya a bakin ƙofa da yamma, lokacin da hasken taga ke shafar silin a kwance, yana ganin tsakiya ta ɗan sauko. Wannan karon aka ƙara sukurori a ɓangarori biyu na mahaɗar, sannan aka shafe kewayen wurin da fila mai kaurin kusan milimita 3 don a ɓatar da tudun. Kowane milimita na busasshiyar fila yana kai kusan kilo ɗaya a murabba'in mita, saboda haka wannan shafe ya ɗora wajen kilo 3 a kowane murabba'in mita na yankin da ya riga ya gaji.

Wata na bakwai: fitilu sun fara ƙyaftawa

Fitilu huɗu na layin tsakiya suka fara ƙyaftawa, wani lokaci su mutu gaba ɗaya su dawo da kansu. Aka canza biyu daga ciki, abin bai daina ba. Mai wayarin da aka kira, wanda ba shi ya yi aikin farko ba, ya ciro fitila ɗaya ya zura hannu ta hujinta mai faɗin santimita 15, bai taɓa komai ba sai waya kwance a kan allo. Ya gwada, ya ga wutar da ke iso wa layin ce ke yankewa, ke nan akwai haɗin da ya saki a wani wuri can ciki.

Ya ce wa mai kula da ofishin: "Oga, akwatin haɗin yana sama, amma ba zane, ba ƙofa. Sai dai in yanka in nema."

Ya yanka huji uku kafin ya dace. Na farko bai samu komai ba. A na biyu zarton ya ci karo da ƙaramin ƙarfe, ya datse shi don kansa ya shiga ya haska tocila. A na uku ya tarar da akwatin, ba murfi, yana zaune a bayan allo, wayoyi uku an murɗe su wuri ɗaya an naɗe da salatif, robar ɗaya ta yi baƙi ta ƙandare saboda zafi. Ya yanke wurin da ya ƙone, ya haɗa da kwanekta, fitilu suka tsaya. Hujin uku aka toshe su da guntayen allo.

Wata na takwas: ɗaurin waya

Cikin silin ya ƙaru a fili bayan wannan. Mai silin ya dawo da dabara ta uku. Ya tokare tsakiya da katako daga ƙasa har ta koma daidai, ya buɗe biyu daga hujin mai wayarin, ya ɗaure babban ƙarfen tsakiya da wayar ɗaurin rodi zuwa abin da hannunsa ya kai gare shi a sama, wato bututun wayar lantarki da ke manne da dekin. Da aka cire katakon silin ya tsaya. Mako biyu bayan haka ya sake saukowa, har ya zarce inda yake a da. Wayar ɗaurin rodi taushi gare ta, tana miƙewa in an ɗora mata nauyi, murɗinta kuma yana warwarewa. Maƙalan roba biyu da ke riƙe da bututun su ma suka fizge daga dekin.

Wata na tara: awo da buɗewa

Daga nan aka kira wani injiniya. Bai fara da yanka ba. Ya kafa leza a bango ta zana layin haske santimita 10 a ƙasan ƙarfen gefe, aka riƙa auna daga layin zuwa silin a duk mita 1.2, tsawo da faɗi, ana rubutawa a takarda mai zanen zauren. Gefuna suna daidai. Layukan manyan ƙarafa huɗu sun sauka tsakanin milimita 5 da 9. Layin tsakiya kuwa ya fara sauka daga mita 2 da bango, ya kai milimita 31 a daidai mahaɗar da ke tsagewa, bai dawo daidai ba sai wajen mita 7.5. Da aka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a jikin allo, an kuma ga kowane fili da ke tsakanin ƙananan ƙarafa biyu ya lotsa da milimita 3 zuwa 4, ko'ina a zauren, har inda ba tsaga.

Takardar awon ta nuna inda za a buɗe, sai aka sauke alluna shida na tsakiya.

A kan babban ƙarfen tsakiya, hanga ta uku, wadda ya kamata ta kasance a mita 3.9, babu ita. Fisharta na nan a dekin, sukurun ma na nan, amma an kwance ƙarfen hangar an jefar da shi a bayan allo, bututun tagulla ya bi ta daidai gurbinta. Hanga ta huɗu, a mita 5.7, tana reto da fisharta a kai, ta zare daga kankare gaba ɗaya. Ke nan daga mita 2.1 har zuwa mita 7.5, tazarar mita 5.4, ba abin da ke riƙe da ƙarfen nan daga sama. Ƙananan ƙarafa ne suka ɗauki nauyinsa suka miƙa wa layukan da ke gefe, shi ya sa su ma suka sauka. A sauran hangogin, guda bakwai an samu fisharsu ta leƙo waje da milimita kaɗan.

Lissafin nauyin ba shi da wuya. Allon milimita 9.5 da ƙarafansa da fila da fenti suna kai kusan kilo 10 a murabba'in mita. Kowace hanga tana ɗauke da fili mai mita 1.8 sau 1.2, wato murabba'in mita 2.16, kusan kilo 22. Da aka cire ta uku, maƙwabtanta biyu suka raba kasonta, kowacce ta koma ɗaukar fiye da kilo 30. Fishar roba a bango nauyi yana danna ta ne a kaikaice, tana iya jurewa. A dekin kuwa nauyin yana jan ta ne kai tsaye ta hanyar da ta shiga, dare da rana, robar tana saki a hankali har ta zame. In gobara ta tashi kuma, ita ce za ta fara narkewa.

An ga wasu abubuwa biyu. Soson da ke lulluɓe da bututun tagulla ya rabu a wata mahaɗa, tsawon tafin hannu, raɓa tana taruwa a kan tagullar mai sanyi tana ɗiga. Bayan allon da ke ƙasa ya yi tabo mai ruwan ƙasa, kuma ana iya lotsa shi da babban yatsa. Jifsam in ya sha danshi yana laushi, kan sukuru sai ya ratsa takardar da ke fuskar allon, ita ce kuwa ke riƙe da shi. Sannan an ƙirga akwatunan haɗin waya bakwai a warwatse, huɗu ba murfi, dukkan wayoyin kuma kwance suke a kan allo da kan bakin ƙarafa masu kaifi.

Wata na goma: gyaran

An fara tattauna ko a mayar da zauren silin roba, tunda ya fi sauƙin nauyi ƙwarai, kuma danshi ba ya cin sa. Injiniyan ya nuna cewa roba ba za ta rage aikin firam ba, domin ita ma tana son ƙarfe a bayanta duk santimita 40 ko ƙasa da haka, tana laushi in zafi ya yi yawa, kuma ba ta tare wuta kamar jifsam, wanda ruwan da ke ɗaure a cikin sinadarinsa ke jinkirta gobara. Aka tsaya a kan jifsam. Allunan da suka lotsa ba sa komawa daidai ko an ƙara musu ƙarfe, don haka aka sauke duka ashirin.

Aikin ya fara daga dekin ya sauko. Mai wayarin ne ya fara hawa. Ya tattara haɗe-haɗen bakwai zuwa akwatuna uku masu murfi, ya kafe su a jikin dekin, ya mayar da wayoyi cikin bututu da maƙalan ƙarfe, ba abin da ya rage yana taɓa silin sai gajeriyar wayar da ke sauka zuwa kowace fitila. Ƙa'idojin wayarin sun yi magana ɗaya a nan: BS 7671 ta Birtaniya a sashe na 526.3, da NEC ta Amurka a sashe na 314.29, duka sun buƙaci a iya kai hannu ga haɗin waya don dubawa da gyara. Masu na'urar sanyi suka ɗan karkatar da bututunsu daga layin ƙarfen tsakiya, suka rataye shi da maƙalansa, suka rufe mahaɗar soson da gam da tef, aka kunna na'urar yini guda ana duba ko akwai raɓa.

Sai aka zo kan hanga. An bar manyan ƙarafa a tazararsu ta mita 1.2, aka canza na tsakiya da ya lanƙwashe. A kan kowanne aka sa hanga tara maimakon shida: ta farko santimita 30 daga bango, ta ƙarshe haka, sauran a tsakani da tazarar kusan mita 1.13. Jimla arba'in da biyar. Kowacce an kafe ta da ankar ƙarfe mai kaurin milimita 6, irin wadda ke buɗewa ta cije kankare in an buga ta, bayan an hure ƙurar hujin. Aka zaɓi wasu aka rataya musu nauyin da ya ninka abin da za su ɗauka kafin a ci gaba. Da sabon allo mai kaurin milimita 12.5 nauyin silin ya hau zuwa kusan kilo 12 a murabba'in mita, amma kason kowace hanga ya sauka zuwa wajen kilo 16.

Ƙananan ƙarafa aka matso da su zuwa santimita 40. An zaɓi wannan tazara ne kuma domin tana raba mita 2.4 gida shida cif, ta yadda ƙarshen kowane allo zai faɗa a tsakiyar ƙarfe. Kafin a ɗaga allo ko ɗaya aka daidaita firam da leza, hanga bayan hanga, aka yarda cewa duk inda ya kauce fiye da milimita 3 a tsawon mita 2 sai an gyara. Aka ɗauki hoton kowane sashe da tef ɗin awo a ciki.

Ƙofofin leƙawa su suka fi cin shawara. Biyu daga akwatunan haɗin an sa musu ƙofa mai santimita 30 sau 30 a daidai ƙasansu, wadda ke shiga tsakanin ƙananan ƙarafa biyu ba tare da an yanka komai ba, kuma da yake sararin santimita 45 ne kawai, hannu yana kai wa dekin. Ta ukun an yi ta 60 sau 60, a inda akwati na uku da mahaɗar bututun tagulla suke kusa da juna, don mutum ya iya sa kai da kafaɗa. Wannan dole ta datse ƙaramin ƙarfe ɗaya. Saboda haka aka gitta gajerun ƙarafa biyu suka karɓi yankakkun bakunan, aka kewaye ramin da firam ta fuska huɗu, aka ƙara hanga biyu a gefensa. Murafen irin waɗanda ake cika fuskarsu da jifsam ne a yi musu fenti, abin da ake gani daga ƙasa siririn layi ne kawai, mai ofis ya amince.

Allunan an ɗaura su tsawonsu yana gitta ƙananan ƙarafa, aka fara kowane layi na biyu da rabin allo don kada mahaɗun ƙarshe su haɗu a layi ɗaya. Sukuru mai tsawon milimita 25 aka yi amfani da shi, ɗaya a duk santimita 17, kansa ya ɗan nutse ba tare da ya yaga takarda ba, kuma ba a kusantar baki fiye da santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A mahaɗa aka binne tef ɗin takarda a cikin fila, aka yi shafi uku, kowanne sai ya bushe.

A baranda ba a sauke silin robar duka ba. Fallayenta masu faɗin santimita 25 suna shiga bakin juna ne, in ana son ciro na tsakiya sai an faro daga na ƙarshe. An tarar biyu sun bankare saboda an matse su da bango, alhali fallen roba mai mita 6 yana iya ƙara tsawo da wajen milimita 8 in zafi ya hau da digiri 20. Aka rage bakinsu, aka bar rata a cikin ƙarfen gefe, aka yi ƙofar leƙawa ɗaya mai firam a ƙarƙashin akwatin haɗin da ke can.

Wata goma sha biyu bayan gyara

An sake awon leza a wuraren da aka auna a da. Mafi girman bambanci milimita 2 ne, a kusa da babbar ƙofar leƙawa. Ba tsaga, ba kan sukuru da ya fito. A tsakani an buɗe ƙofofin sau biyu, sau ɗaya don ƙara wayar wata na'ura, sau ɗaya don duba soson bututu, ba a yanka allo ba.

Abin da za a iya cewa game da lamarin

Hangar da aka kwance ita ce ta fara ɓarnar, amma firam ɗin tun asali ba shi da rarar da zai jure rashin hanga ɗaya. Lanƙwasar ƙarfe mai ɗauke da shimfiɗaɗɗen nauyi ba ta tafiya daidai da tazara, tana tafiya ne da tazarar an ninka ta da kanta sau huɗu. A ce tazarar hanga ta tashi daga mita 1.2 zuwa 1.8, ƙarin rabi ne a ido, amma 1.5 × 1.5 × 1.5 × 1.5 ya haura 5, ke nan lanƙwasar ta ninka sau biyar. Daga santimita 40 zuwa 60 ma lissafin ɗaya ne, shi ne ya lotsa allo mai milimita 9.5 a tsakanin ƙarafa. Abin da aka yi tsiminsa da faɗaɗa tazarar nan hanga goma sha biyar ne da ƙananan ƙarafa takwas. Tazarar da aka yi gyara da ita ba doka ba ce ga kowane silin: kowane kamfanin firam yana da jadawalinsa gwargwadon kaurin ƙarfensa da nauyin da za a rataya, kuma in za a ɗora allo biyu ko auduga mai tare zafi sai an ƙara matsowa.

Gyare-gyaren uku sun faɗi ne domin dukkansu daga ƙasa aka yi su, ba tare da an auna ba. Tsagar da ta dawo a wuri ɗaya bayan an cike ta tana nuna abin da ke bayanta yana motsi, kuma zare ɗaya da za a ja daga bango zuwa bango a wata na huɗu da ya nuna cikin tun yana milimita kaɗan. A ganina rashin ƙofar leƙawa ya fi komai tsawaita matsalar. Da akwai ta, da tocila ta gano hangar da ta ɓace da ɗigar ruwan a ziyarar farko, da mai wayarin bai datse ƙarfe yana laluben akwati ba, da kuma haɗin da ya fara ƙonewa bai yi wata bakwai a rufe ba. Mai silin yana da alhakin tazara da fishar roba, masu na'urar sanyi suna da alhakin hangar, mai wayarin farko yana da alhakin akwatunan. Duba firam ɗin a rana ta huɗu, bayan kowa ya sauka kuma kafin allo ya hau, shi ne aikin da ba a ɗora wa kowa ba a cikin yarjejeniyar farko, kuma a gyaran injiniyan ne ya yi shi da kansa, da leza da hoto, kafin ya ba da izinin rufewa.